Yaro mai kilo 14 da lissafi uku a takardar ɗaliban jinya

Akwai wata takardar gwaji da nake bai wa ɗaliban jinya a nan Maraɗi kafin su fita aikin sanin makama a lokacin damina, kuma yaro ɗaya ne kacal a cikinta. An kawo shi daga wani ƙauye a watan Satumba da masassarar cizon sauro mai tsanani, ba ya iya sha, an ɗora shi a sikeli ya ba da kilo 14. Likita ya rubuta abu uku: allurar artesunat ta jijiya, ruwan gulukos domin sukarin jininsa ya yi ƙasa, da ƙarin ruwa na awa 24. Ba a tambayi ɗalibi ko maganin ya dace ba, wannan aikin likita ne. Abin da ake so ya fitar shi ne mililita nawa zai ja a sirinji, da ɗigo nawa zai ƙirga a minti ɗaya. Ninkawa da rabawar da ke ciki ba su fi ƙarfin ɗan firamare ba, amma duk shekara nakan ga amsoshin da suka kauce, kuma idan na bi sawunsu sai in tarar cewa lissafin kansa daidai ne. Inda aka ɓata shi ne wurin da ɗalibi ya rubuta lamba tsirara, ba tare da sunan awonta ba, ya ci gaba da aiki da ita yana zaton ya san ko mece ce.

Mu fara da artesunat. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ta ce wanda nauyinsa ya kai kilo 20 ko ya wuce ana ba shi miligiram 2,4 a kan kowane kilo, wanda bai kai kilo 20 ba kuwa miligiram 3 a kan kowane kilo, domin jikin ƙananan yara yana rarraba maganin ta yadda adadin manya ba ya isarsu. Yaronmu yana cikin rukuni na biyu, saboda haka layin farko shi ne:

3 mg/kg × 14 kg = 42 mg

Ina tilasta wa ɗalibai su rubuta layin haka cikakke, su ja layi a kan kilo na sama da na ƙasa domin su ga da idonsu cewa miligiram ne ya rage. Amma miligiram 42 ba abu ne da ake gani a jikin sirinji ba, mililita ake gani, don haka sai an san miligiram nawa ke cikin kowane mililita na ruwan da aka haɗa. Kwalbar artesunat ta miligiram 60 gari ce. Ana fara narkar da garin da mililita 1 na ruwan bikarbonat da ke zuwa tare da ita a kwali, a girgiza har ruwan ya washe, sa'an nan, idan ta jijiya za a yi, a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri. Jimlar ruwan da ke cikin kwalbar ta zama mililita 6, kuma miligiram 60 a cikin mililita 6 yana nufin miligiram 10 a kowane mililita. Daga nan sai layi na biyu:

42 mg ÷ 10 mg/mL = 4,2 mL

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne mantawa da mililita ɗayan nan na bikarbonat. Ɗalibi ya ga an ce a ƙara 5, sai ya raba 60 da 5 ya sami 12, ya raba 42 da 12 ya sami mililita 3,5. A takarda komai ya yi kyau, har rabon ya fita ba saura, abin da ke ƙara masa ƙwarin gwiwa. Sai dai ruwan da ke cikin kwalbar bai san abin da aka rubuta ba, ƙarfinsa yana nan miligiram 10 a mililita, saboda haka abin da zai shiga jikin yaro miligiram 35 ne. Idan kuma ɗalibin ya haɗa wannan da kuskure na biyu, wato ya ɗauko 2,4 na manya saboda shi ya fi zama a kansa, zai sami miligiram 33,6, ya raba da 12, ya ja mililita 2,8, wato miligiram 28. Kashi biyu cikin uku ke nan na abin da ya kamata, ga yaron da ke tsakanin rai da mutuwa, kuma babu wata alama da za ta nuna a lokacin allurar cewa an rage masa.

Idan ta tsoka za a yi allurar, mililita 2 na ruwan gishiri ake ƙarawa a kan bikarbonat ɗin, jimla ta zama 3, ƙarfin ya zama miligiram 20 a mililita, yaronmu kuma ya tashi da mililita 2,1 a lissafi. Garin ɗaya ne, kwalbar ɗaya ce, amma ƙarfin ya ninka saboda ruwan ya ragu. Shi ya sa nake ce musu ƙarfin magani ba ya cikin abin da ake haddacewa, ana fitar da shi ne daga abin da hannu ya zuba. Wanda ya haɗa irin na tsoka ya je jan mililita 4,2 zai ga ruwan ya ƙare a 3, kuma wannan ya isa ya tsayar da shi ya sake duba abin da ya yi maimakon ya fasa kwalba ta biyu.

Akwai batun cikasa lamba. Jadawalin artesunat da ake mannawa a bangon ɗakunan yara yana cikasa mililita zuwa sama, ta yadda yaro mai kilo 14 zuwa 16 yake samun mililita 5 ta jijiya. An yarda da haka ne domin maganin yana da faɗin fili tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa, kuma ragi ya fi ƙari haɗari a kansa. Ina karɓar 5 a matsayin amsa, amma sai ɗalibi ya fara nuna mini 4,2 ya kuma rubuta dalilin cikasawa, domin wanda ya saba ɗaga lamba sama ba tare da tunani ba zai kai wannan ɗabi'a kan kinin ko jentamisin, inda babu irin wannan sassauci. A ƙasan amsar kuma ina so in ga lokutan allura, wato yanzu, bayan awa 12, da bayan awa 24, tare da tunatarwar cewa kowane karo sabuwar kwalba ake haɗawa, domin wadda aka narkar ba ta wuce awa ɗaya.

Tambaya ta biyu ta fi wahalar da su, kuma tun daga na'urar awon sukari wahalar take farawa. Na rubuta cewa sakamakon yaron 0,40 g/L ne, kamar yadda aka saba faɗa a tsarin da muka gada na Faransanci, alhali littafin da ke hannunsu ya ce sukari ya yi ƙasa idan bai kai 2,5 mmol/L ba, na'urar wani ɗakin kuma tana nuna mg/dL. Awo uku ne na abu guda. Giram 0,40 miligiram 400 ne a lita, lita kuma desilita 10 ce, saboda haka 40 mg/dL. A raba da 18 a sami kusan 2,2 mmol/L. Yaron yana ƙasa da iyaka, dole a ba shi sukari nan take. Wanda ya ga 40 a fuskar na'ura ya kwatanta da 2,5 na littafi ba tare da ya dubi ƴan haruffan da ke gefen lambar ba zai iya cewa sukarin ya yi yawa.

Umarnin likita shi ne mililita 5 a kan kowane kilo na gulukos mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, wato mililita 70 ga yaronmu. Da a nan aka tsaya da babu wanda zai faɗi. Sai na ƙara musu abin da ke faruwa a ɗakin marasa lafiya da tsakar dare: mai kashi 10 ya ƙare, abin da ke cikin kabad mai kashi 50 ne. A nan ne ake gane wanda ya fahimci ma'anar kashin da ke jikin kwalba. Kashi 10 cikin ɗari yana nufin giram 10 na sukari a cikin mililita 100 na ruwa, wato miligiram 100 a mililita ɗaya. Mililita 70 na wannan ruwa yana ɗauke da miligiram 7000, giram 7 ke nan, kuma giram bakwai ɗin nan shi ne ainihin abin da likita yake so ya shiga jikin yaro. Mai kashi 50 yana da miligiram 500 a kowane mililita, don haka:

7000 mg ÷ 500 mg/mL = 14 mL

Mililita 14 ya ƙunshi sukarin da ake bukata, amma ya yi kauri ga jijiyar yaro, yana ƙona ta, idan kuma ya tsiyaya ƙarƙashin fata yana lalata nama. Saboda haka ana sirka shi da ruwan allura mai tsabta har ya koma mililita 70, wato a ƙara 56, kashi ɗaya na gulukos da kashi huɗu na ruwa. Wasu ɗalibai sukan ƙara 70 a kan 14 su tashi da 84, irin kuskuren bikarbonat ne ya juyo ta ɗaya fuskar: sun rikita abin da ake ƙarawa da jimlar da ake nema. Wannan da sauƙi, domin sukarin bai canza ba, ruwa ne ya ɗan yi yawa. Mai muni shi ne wanda ya riƙe lambar 70 ya manta da cewa ta mai kashi 10 ce, ya ja mililita 70 na mai kashi 50, ya ba yaro giram 35, ninki biyar. Inda mai kashi 30 ne a hannu, hanyar ba ta canza ba: miligiram 300 ne a mililita, a raba 7000 da 300 a sami mililita 23 da ɗoriya, a sirka kashi ɗaya da kashi biyu na ruwa.

Zan ɗan ratse a nan saboda wani abu da ya shafe mu musamman, mu da ke zaune kusa da iyaka. A makarantunmu waƙafi muke sa wa gutsuren lamba, mu rubuta 2,4, kuma haka na yi a wannan rubutu. Kwalayen magani da takardun asibiti da ke shigowa daga wajen Katsina da Kano kuwa aya suke sawa, 2.4, waƙafi a wurinsu na raba dubbai ne. Idan mara lafiya ya zo da takardar da aka rubuta 1,200 a can, dubu ɗaya da ɗari biyu ake nufi, ɗalibinmu kuma idonsa ya saba karanta ta a matsayin ɗaya da ɗan gutsure. Abin da ke ceto a nan shi ne tambayar ko lambar ta yi kama da gaskiya: babu likitan da zai rubuta wa yaro ƙarin ruwa na mililita ɗaya da ɗoriya a yini. Don haka nake hana su rubuta ,5 ba tare da sifiri a gaba ba, ko 5,0 da sifiri a baya, domin waƙafin da biro bai fitar da kyau ba yana mayar da rabi biyar, ya mayar da biyar hamsin.

Lambar 1200 ɗin ita ce ta tambaya ta uku. Ruwan da jikin yaro ke bukata a awa 24 ana fitar da shi ne da ƙa'idar da Holliday da Segar suka wallafa a 1957: mililita 100 a kan kowane kilo na goman farko, 50 a kan kowane kilo na goma ta biyu, 20 a kan abin da ya haura. Yaronmu yana da 1000 na kilo goman farko da 200 na kilo huɗun da suka rage, jimla 1200, wanda idan aka raba da 24 ya ba da mililita 50 a awa. Inda akwai injin tura ruwa, aiki ya ƙare, 50 za a danna. A yawancin ɗakunan da ɗalibanmu za su yi aiki kuwa babu injin, sai igiyar ƙarin ruwa da ƴar tayar da ake murzawa da agogo, saboda haka dole a mayar da mililita a awa zuwa ɗigo a minti. Canji biyu ne a lokaci guda, mililita zuwa ɗigo, awa zuwa minti:

50 mL/h × 20 ÷ 60 = 16,7

Sittin ɗin mintocin awa ne, ba ya canzawa. Ashirin ɗin kuwa na igiyar ne, kuma a jikin ledar da ta zo a ciki ake karanta shi. Igiyar da aka fi amfani da ita ɗigo 20 take bayarwa a mililita ɗaya, ta ƙananan yara mai siririn bakin ƙarfe kuma ɗigo 60. Da igiya mai 20 amsar ɗigo 17 ce a minti, tun da ba a ƙirga gutsuren ɗigo. Da mai 60 kuwa sittin na sama da na ƙasa suna cinye juna, ɗigo a minti ya zama daidai da mililita a awa, wato 50. Ina so ɗalibi ya auna abin da cikasawar ta jawo: ɗigo 17 a minti mililita 51 ne a awa, 1224 a awa 24, ƙarin kashi biyu cikin ɗari, wanda ba ya da lahani.

Abin da ke da lahani shi ne musayar igiya. A ce ma'aikaciyar safe ta yi lissafi da mai 60, ta rubuta ɗigo 50 a takardar yaro ba ta faɗi irin igiyar ba, da rana igiyar ta toshe aka canza ta da mai 20, wanda ya karɓi aiki ya daidaita ta a kan 50 kamar yadda ya gani a rubuce. Yanzu yaron yana samun mililita 150 a awa, ninki uku, kuma ledar mililita 500 da ya kamata ta yi awa 10 za ta ƙare cikin awa 3 da minti 20. Yaro mai masassara mai tsanani, wanda sau da yawa jininsa ma ya yi ƙasa, ba ya jure irin wannan lodi. Fatar idanunsa takan kumbura, numfashinsa ya ƙaru, a ji ƙarar ruwa a huhu idan an sa abin sauraro, hanta kuma ta sauko. Idan aka ga haka ana rage gudun ruwan ƙwarai ko a tsayar da shi, a kira likita nan take. Idan musayar ta juya, aka sa ɗigo 17 a kan mai 60, yaron zai sami mililita 17 kawai a awa, alamar kuma ita ce leda da ba ta raguwa da fitsarin da ya ƙaranta. Saboda wannan ne amsar da aka rubuta "17" kawai ba ta samun maki a wurina. Wata ɗaliba ta taɓa yi mini ƙorafi a kan haka, ta ce, "Malam, ai lambar daidai take." Na ce mata daidai take a kan igiyar da ke cikin kanta, amma wanda zai karɓe ta aiki da dare ba ya ganin cikin kanta.

Ko bayan lissafi ya fita daidai, ƙirgar ɗigon tana da nata sharuɗɗa. An saba ƙirgawa na daƙiƙa 15 a ninka da huɗu, amma a kan gudu kaɗan irin wannan dabarar ba ta da kyau, domin ɗigo huɗu yana ba da 16, biyar yana ba da 20, kuma tazarar da ke tsakaninsu mililita 12 ce a awa. Gara a tsaya a ƙirga minti guda cur. Sa'an nan gudun da aka daidaita ba ya zama yadda aka bar shi: yaro ya lanƙwasa hannu ruwa ya tsaya, ya miƙe ya zubo da sauri, an ɗaga sandar rataye leda gudun ya ƙaru, robar igiya ta saki a ƙarƙashin taya bayan ɗan lokaci. Wani lokaci kuma uwar yaro ce ko kakarsa, da ta ga ruwa yana ɗiga a hankali, take murza tayar da kyakkyawar niyya don ɗanta ya sami magani da wuri, abin da ya sa yi mata bayani tun farko yake cikin aikin. Inda akwai igiya mai ƴar kwalbar awo a tsakiya, wadda ake zuba ruwan awa ɗaya ko biyu kawai a ciki, ita ta fi dacewa da ƙaramin yaro, domin ko tayar ta kuɓuce, abin da zai shiga jikinsa ba zai wuce abin da ke cikin kwalbar ba.

Layin ƙarshe na takardar shi ne komawa da baya, kuma shi nake bai wa maki mafi yawa. A artesunat, a ninka mililita 4,2 da 10 a ga ko 42 ya dawo, a raba da 14 a ga 3. A gulukos, a raba miligiram 7000 da mililita 70 a ga ko haɗin ya koma 100 a mililita. A ƙarin ruwa kuwa komawar tana kan ledar kanta: a manna filasta a tsayenta, a rubuta lokacin da aka rataya, a sa alamar inda ruwa ya kamata ya kai a kowace awa biyu. An rataya ledar 500 da ƙarfe 8 na safe a kan mililita 50 a awa, da ƙarfe 12 na rana ya kamata 300 ya rage, da ƙarfe 6 na yamma ta ƙare. Layukan awon da ke jikin leda ba su da cikakkiyar daidaito, amma sun isa su nuna gibin mililita ɗari. Na tambaye su abin da za su yi idan da ƙarfe 12 suka tarar 400 ya rage. Da yawa sukan raba 400 da awa 6 da suka rage, su sami kusan mililita 67 a awa, ɗigo 22 a minti, su ce za su ƙara gudu don a cike gibin. Lissafin daidai ne, amma ƙarin kashi ɗaya cikin uku ne a kan abin da likita ya rubuta, kuma ba hurumin ma'aikacin jinya ba ne ya canza shi da kansa. Amsar da nake nema ita ce a duba jijiyar ko ta kumbura, a duba igiyar ko ta lanƙwashe, a mayar da gudun kan ɗigo 17 a minti da igiya mai 20, a rubuta cewa mililita 100 ne kawai ya shiga cikin awa huɗu, a sanar da likita, a kuma sake auna sukarin yaron, tun da ruwan da bai samu ba yana iya zama shi ne ke ɗauke da gulukos ɗin da ke riƙe da shi.